Fankar Elhaji da Fukafukai Shida

"Ina tambayarka, Mudathir, wa ya taɓa fankar nan?"

"Haba Mas'uda, ki yi a hankali mana. Mutane na jinki har bakin ƙofa."

"Su ji! Ni ma so nake su ji. Dubi ƙafarta. Ina layin da na ja da alli? Ga shi can baya, ita kuma ga ta nan gaba. Kuma dubi maɓallin. Na bar ta a kan biyu, wa ya kai ta uku? Aljani?"

Mudathir bai dubi ƙafar fankar ba, bai kuma dubi maɓallin ba. Allon bango ya ƙura wa ido, inda da hannunsa ya rubuta sakamakon ƙarshe da manyan lambobi har ya ja masa layi biyu a ƙasa. Wannan kauda idon ya ƙara hura wa Mas'uda wuta, domin ta san shi kamar tafin hannunta. In yana da gaskiya, cikin ido yake kallonta har sai ita ta sunkuyar da kai. Yau kuwa allo yake kallo.

Su biyu ɗaliban ajin ƙarshe ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta garin Dakoro, kuma tun farkon shekara suke kan wannan aiki a ɗan ɗakin gwaje-gwajen da ake kira labo. Tambayarsu guda ce: ƙaramin injin iska, da fukafukai nawa ya fi ba da wuta? Biyu, uku, huɗu, ko shida? A kan tabur suka kafa sanda, a kanta suka ɗaure ɗan dinamon da suka ciro daga wata matacciyar rediyo. Wayoyinsa biyu suka bi ta kan rezistans mai om goma, wato kayan da wutar za ta ɗauka, multimetir kuma yana karanta bolt ɗin da ke fitowa. A ninka bolt da kansa, a raba da goma, an sami ƙarfin wutar. Iskar kuwa daga fanka take zuwa, wata doguwa mai tsayuwa da mahaifin Mudathir, Elhaji Mijinyawa, ya ara musu daga butikinsa, wato shagonsa na hatsi.

Fukafukan duk Mas'uda ce ta yanka su daga tiyon roba. Tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, karkatarsu a jikin cibiya ɗaya, don da ma'auni na kwali take saita kowane. Har yanzu akwai tabon zarto a babban yatsanta. Ranar da ta yanke ɗin Mudathir ne ya cire hularsa ya danne mata jinin, kuma tun daga ranar, in ya kira sunanta, wani abu yakan motsa mata a ƙirji kamar farfelar da iska ta fara taɓawa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ya sa fushin yau ya fi ƙarfin a kira shi fushin aiki kawai.

Yau ce ranar ƙarshe ta aika sakamako Maradi, inda za a yi konkur, wato gasar ɗaliban kimiyya na jiha, kuma ƙungiya ɗaya tak makarantar za ta tura. Mas'uda ƴar Birnin Lalle ce, ɗiyar makiyaya, zaune a gidan gwaggonta don karatu. Maradi ba ta taɓa zuwa ba sai a bakin mutane.

Da safe sun auna uku daga cikin huɗun, tare. Fukafukai biyu sun ba da ƙarfin wuta miliwat tamanin da ɗaya. Uku sun ba da ɗari. Huɗu sun sauko kaɗan ƙasa da ukun. Saura mai shida aka kira azahar, ta tafi salla da ƴan mata. Da ta dawo ta tarar an rubuta a allo: shida, miliwat ɗari da arba'in da huɗu.

"Yi mani magana," ta ce. "Mi ya faru bayan na hita?"

Mudathir ya juyo daga allon. "Baba ne ya biyo. Daga kasuwa yake, rigarsa jagab da zufa. Kin dai ga ranar da ake yi. Ya zauna a kujerar can. To ni in tsaya ina kallon mahaifina na ɗigar da gumi, fankarsa na hura wa sanda iska? Na jawo ma shi ita, na ƙara ta. Kowa haka zai yi."

"Na yarda, kowa haka zai yi. Daga nan fa?"

"Ya ce shina so ya ga abin na juyawa. Na maida ta, na sa mai shida, na karanta."

"Ka maida ta ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka maida ta inda hannunka ya kai! Ka bar ta kan uku! Kai da ka fi kowa iya lissahi a ajinmu, kai ne ka koya mani cewa in iska ta ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarhin da ke cikinta kusan ninki biyu yake yi. Ka manta ne?"

"Ban manta ba." Ya faɗa a hankali. "Sai da na rubuta na lura. Amma ba ki ga huskarshi ba, Mas'uda. Tun da muka fara aikin ga yake cewa mai yawan fukafukai ita za ta ci, don ya taɓa ganin injin jan ruwa a wata rijiya ta arewa, fukafukansa kamar haƙoran mataji. Da lambar ta hito ya tashi tsaye ya dafa kahwaɗata. Ya ce, 'Ashe karatun ga naka ba banza ba ne.' Kin san tun yaushe nake jiran ya ce haka? Shi kullum so yake in bar karatun lakol in zauna kan buhunan gero."

Tausayi ya taso mata, ta danne shi da ƙarfi kamar mai danne tukunyar da ke tafasa. Ba ta so ta tausaya masa yanzu. In ta tausaya, ta faɗi.

"Sai ka saya ma shi murna da aikina."

"Aikinmu."

"Da namu ne da ka jira ni!"

A daidai nan Mushe Abarci, malamin fizik (Mushe ake ce wa malami a nan, daga Faransanci), ya shigo yana fifita da wata tsohuwar jarida. Mutum ne mai kirki wanda gajiya ta cinye, mai azuzuwa fiye da ƙarfinsa. Murmushi yake yi.

"Ah, ga gwanayena. Na ɗauki hoton allon na tura Maradi ta waya. Sun ce sun gani. Elhaji kuma ya ce da motarshi zai kai ku, kun huta da motar kasuwa."

Mas'uda ta ji kamar an zare mata ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. "Mushe, kun tura? Ba ku duba ba?"

Ta nuna masa layin alli, ta nuna maɓallin, ta zayyana masa komai cikin numfashi ɗaya. Murmushin ya dushe. Ya durƙusa ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙafar fankar da layin, wadda ta kai taki guda na hannu, ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Hmm. To. Gaskiya an yi kuskure. Amma saurara, Mas'uda. An riga an tura. In na kira yanzu na ce lambobinmu ba daidai ba ne, suna iya cewa ba mu shirya ba. Direktar, shugaban makaranta, kuma na da ƙungiyar su Yazidu da tukunyarsu mai dahuwa da rana, a shirye suke tun jiya. Ku tahi a haka. In kun isa can sai ku gyara a hankali."

"A hankali yaya, Mushe? In tsaya gaban malamai in ce shida ta hi, alhali na san ba a auna ta da iskar da aka auna sauran ba? In suka ce in gwada a gabansu fa?"

"Ba kowa ne ke cewa a gwada ba."

Ta dube shi. Wannan mutumin ne ranar farko ya rubuta musu a allo cewa abu ɗaya kaɗai ake canzawa a gwaji, sauran duk a ɗaure su. Ta kwafe maganar, ta haddace ta, ta ɗauke ta da gaske fiye da yadda shi ya ɗauka, ashe. Idanunta suka ciko, ta tsani hawayen, don ba na rauni ba ne, na takaici ne tsantsa.

Ta share idanunta. Ta kama fankar ta ja ta baya har ƙafarta ta hau layin alli daidai. Ta danna biyu. Ta duba cewa tsakiyar fankar na kallon tsakiyar farfelar injin, ta rufe tagar da ke kawo iskar waje. Tana cikin saita karkatar fukafukai shidan da kwalinta aka yi sallama.

Elhaji Mijinyawa ne ya dawo bayan la'asar, babbar riga, carbi a hannu, fuska cike da annuri. "Ina masu ilimin? Na gaya wa duk ƴan layinmu a kasuwa. Har na yi wa Zakariya'u mai walda magana, zai ƙera mani babba, mai shida, in kafa a gona." Ya zauna a kujerar ɗazu yana huci. "Kai, wannan rana!"

Hannun Mushe Abarci ya tafi wajen fankar da kansa, ba tare da ya yi tunani ba, kamar yadda hannun duk wani ɗan gari zai tafi in babba ya shigo cikin zafi. Mas'uda ta ɗora ƙafarta a kan gindin fankar.

"Mushe, ku yi haƙuri. Wagga fanka ba ta motsawa."

Hannun Mushe ya tsaya cak. Mudathir ya zaro ido yana girgiza mata kai. Ita kanta ta ji kunnuwanta na zafi, domin a gidansu ko inuwar bukka ba a hana baƙo, balle iska, balle mai abin da kansa. Ta buɗe jakarta ta ciro mahucin kaba da take yawo da shi, ta miƙa wa Mudathir ba tare da ta dube shi ba.

"Ungo. Yi wa Baba fifita."

Elhaji ya dubi mahucin, ya dubi ƙafarta. "Ɗiyar wa ce wagga? Fankata ce fa, yarinya."

Ta russuna, amma ƙafar ba ta ɗaga ba. "Taku ce, Baba Elhaji, kuma mun gode. Ku gafarce ni. Amma lambar da aka nuna muku ɗazu ba gaskiya ba ce. Ku da kanku, in za ku gwada geron Rumbu da na Bader Gula, wanne ya hi auki, za ku auna ɗaya da ƙaramar tiya, ɗaya da babba?"

"Wane mahaukaci zai yi haka?"

"To haka aka yi. Mai shida an ba ta iska mai yawa, sauran an ba su kaɗan. Ku duba yanzu da iska ɗaya."

Ta saki farfelar. Fukafukai shidan suka kama juyawa nan take, ba gardama, ba jira.

"Kin gani!" in ji Elhaji. "Ko taɓa ta ba a yi ba."

"Wajen tashi ta hi kowa, Baba. Kuma tana da ƙarhin murɗawa. Injin da kuka gani a rijiya gaskiya ne, don jan ruwa ƙarhin murɗawa yake so, ba gudu ba. Amma dinamon ga gudu yake so. In fukafukai sun yi yawa, kowane na shiga cikin iskar da na gabansa ya hargitsa, jan baya ya ƙaru, sai ta kasa sauri."

Lambobin multimetir suka hau, suka yi rawa, suka tsaya a ƙasa da bolt ɗaya: sifili da ɗigo takwas. Ta jira, ta sake karantawa, ta tsayar da farfelar da hannu ta sake sakinta. Nan dai ta koma.

"Takwas sau takwas," ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Miliwat sittin da huɗu. Ba ɗari da arba'in da huɗu ba."

Ta kwance mai shida, ta ɗaura mai uku. Wannan sai da ta yi ɗan nawa, ta yi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta ɗauka, ta yi ta ƙara gudu har fukafukan suka ɓace suka zama inuwa mai zagaye, sandar na ɗan karkarwa. Bolt ɗaya cif. Miliwat ɗari, kamar da safe.

Carbin Elhaji ya daina motsi. Ya juya ga ɗansa, wanda ke tsaye da mahuci a hannu kamar an dasa shi.

"Kai. Ka sani?"

Mas'uda ta riƙe numfashi. A ranta roƙo take yi, ita da kanta ba ta san me take roƙo ba: ya faɗi gaskiya ya sha kunya, ko ya yi ƙarya ta huta da sonsa gaba ɗaya.

"Na sani, Baba," in ji Mudathir. "Bayan na rubuta na gani. Na ga kuna murna, sai na kasa."

"Ka kasa!" Elhaji ya miƙe, rigarsa ta kwashe alli daga kan tabur. "Ka bar ni na zagaya kasuwa ina cika baki! Gobe in ce wa mutane mi? Ɗana ya auna mani iska da tiya biyu?" Ya juyo kan Mas'uda, yatsa a miƙe. "Ke kuma, gaskiyarki daban, rashin kunyarki daban. Da kin kira ni gefe. A gaban malami kika take mani fanka da ƙahwa, kika tozarta mani yaro. Motata ba ta zuwa Maradi. Fankar kuma in gan ta a butiki kahin magariba."

Ya fita ko sallama babu.

Mushe Abarci ya zauna a kujerar da aka bari, ya dafe kai. "Kin ga abin da kika jawo? Ba mota, ba fanka, kuma Elhaji ne shugaban iyayen yara. Yanzu saura abu ɗaya. Hoton na can Maradi yadda yake. In na yi shiru, gurbinku na nan, ko a motar kasuwa kwa tahi. In na kira, ban san abin da za su ce ba, ban kuma san abin da direktar zai ce ba. Ki yi tunani da kyau. Irin wannan dama ba ta zuwa wa ɗiyar Birnin Lalle kullum."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta tuna yadda ta riƙa zana Maradi a ranta tana goge bakin tiyo da takardar yashi: babban ɗaki, malamai a jere, ita a tsaye tana bayani, Mudathir a gefenta yana riƙe da multimetir yana satar kallonta. Duk ta gina shi, har kalar mayafin da za ta yafa. Ga shi yanzu wani hannu mai ladabi ya jawo fanka taki guda, komai ya karkace.

"Kin ji daɗi?" Mudathir ne, idanunsa jajur. "Kin kunyata ni gaban ubana."

Ta juyo kansa gaba ɗaya. "Ni na kunyata ka? Ni na danna uku? Da ka tare ni a bakin ƙofa ka ce, Mas'uda, na yi ɓarna, zo mu gyara, wallahi da ni zan rufa maka asiri, ko Mushe ba zai ji ba. Amma ka ja layi biyu ƙarƙashin ƙarya, ka tsaya kana ce mani in yi a hankali! Ba fankar ce ta ƙona mani rai ba, Mudathir. Ka yi zaton zan gani in yi shiru don kai ne. Wannan ne."

Ya kauda kai. Mahucin na nan a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ta dubi inuwar taga a ƙasa. Rana ta karkata, amma da sauran lokaci kafin magariba, wanda zai isa a auna huɗun duka daga farko, a maimaita kowane, in ba a tsaya surutu ba. Bayan haka fankar za ta koma kan buhunan gero, ko da wata aka samu gobe, iskarta ba za ta zama irin wannan ba.

Ta ɗauki tsumma ta nufi allo. Ba lambar shida kaɗai ta goge ba, har na safen duka ta share, allon ya koma baƙi wuluk. Ta ɗauki alli ta sake zagaye ƙafar fankar a ƙasa, ta danna da ƙarfi har allin ya karye. Sannan ta miƙe, ta share fuskarta da gefen mayafi, ta yi magana da muryar da ta cika ɗakin.

"Mushe, ku kira Maradi yanzu, a gabana, ku ce a jefar da hoton nan, sabo na zuwa kahin magariba. In sun ƙi, a tura su Yazidu, na haƙura. Amma sunana ba ya tahiya da lambar ƙarya. Kai kuma Mudathir, ajiye mahucin nan. Ko ka ɗauki multimetir ka karanta mani abin da ka gani, ko ka bi Baba. Ni dai daga fukafukai biyu zan fara, yanzun nan."